Wasiƙa kan allurar insulin ta ciwon suga a gida

"Ma'aikaciyar jinya, Baba na jin zafi. Ko mu riƙa yi masa allurar a wuri guda inda ya saba?"

Assalamu alaikum iyalan Alhaji.

Don Allah kada ku yi haka. Wurin da ya daina zafi ya riga ya taurare ne, kitsen ƙarƙashin fata ya dunƙule. Insulin ba ya shiga jini daidai daga nan, sai suga ya hau yau, gobe ya faɗi. Ku shafa cikinsa da yatsa. In kun ji ƙulli kamar ƙwallon dabino, ku bar wurin har ya warke.

Ku yi a ciki ko cinya, ku matsa faɗin yatsa guda daga inda aka yi jiya, nesa da cibiya da yatsu biyu. Sabuwar allura kowane lokaci, domin dakusasshiya ce ke ƙara zafin. Bayan an tura maganin, a ƙirga goma kafin a zare.

Abin da ya fi damuna: sabon wuri ya fi jan magani, don haka suga na iya faɗuwa sosai. In Baba ya fara gumi da rawar jiki, ku ba shi ruwan sukari nan take muddin yana iya haɗiya, sannan ku kira mu. In ya suma, kada a ɗura masa komai, a kawo shi asibiti.

Kun san zafin Garoua. Maganin ya zauna a firji, banda wurin ƙanƙara.

Allah ya ƙara wa Baba sauƙi.