Idan albashinka ya kai ƙurewar matakinsa

Akwai wani rukunin ma'aikata da nake tausayawa ƙwarai: waɗanda suka daɗe a babbar ma'aikata, aikinsu ba ƙorafi, kowace shekara sai an yaba musu, amma albashinsu ya tsaya cak. Yawancinsu suna zaton shugabansu ne ya sa musu ƙahon zuƙa. Sau da yawa ba haka ba ne, sun kai ƙurewar matakin albashinsu ne kawai, kuma ba wanda ya zaunar da su ya yi musu bayani.

A manyan ma'aikatu, kujera ake yi wa farashi kafin a dubi wanda zai zauna a kanta. Ana auna nauyin kowane aiki, misali tsarin Hay da kamfanoni da yawa ke amfani da shi yana duba ilimin da aikin ke buƙata, da irin matsalolin da ake warwarewa, da girman alhakin da ke wuyan mai shi. Daga nan sai a saka aikin a wani mataki. Kowane mataki yana da mafi ƙarancin albashi, da tsakiya, da iyakar sama. Tsakiyar ita ce abin da ma'aikatar take ganin ana biyan ƙwararren mai irin wannan aiki a sauran wurare.

Mu ɗauka mataki na 7 ya fara daga 400,000 a wata, tsakiyarsa 500,000, ƙarshensa 600,000. Ga ma'aikata biyu, ɗaya tana karɓar 480,000, ɗayan kuma 600,000. An ce a ƙara wa kowa kashi 5 cikin ɗari. Ita nata ya koma 504,000, kuma baɗi a kan wannan sabon adadin za a lissafa mata wani ƙarin, ya zama 529,200. Shi kuwa ba inda za a saka 30,000 ɗinsa, domin zai tsallake iyaka. Idan ma'aikatar mai adalci ce, sai ta dunƙule masa na wata 12, wato 360,000, ta ba shi lokaci guda. Ranar da kuɗin suka shigo zai ji daɗi, amma baɗi albashinsa na nan a 600,000. Kuma a wurare da yawa kuɗin fansho da na sallama a kan ainihin albashi ake lissafa su, wannan dunƙulen ba ya shiga. Wata ma'aikatar ma ko dunƙulen ba ta bayarwa.

To sai ka ji ana ce masa ya yi haƙuri har a ƙara masa girma. Nan ma akwai abin lura, domin matakan suna shiga juna. A ce tsakiyar mataki na 8 ita ce 575,000, ƙasansa 460,000, samansa 690,000. Mutuminmu mai 600,000 tun kafin ya shiga ya riga ya wuce tsakiyar sabon matakin. Shi ya sa ƙarin da ke zuwa da sabon muƙamin yakan zo ɗan kaɗan, nauyin aiki kuwa ya ƙaru sosai. Duk da haka ni ina ganin ya karɓa, domin ya samu filin 90,000 da a da ba shi da shi.

Ba na ƙin a sa iyaka. Ba don ita ba, da mai iya baki da ɗan gaban goshi sun kwashe komai, a bar mai aiki shiru. Abin da ke ɓata mini rai shi ne ɓoye lissafin. Mutum ya shekara yana haɗa gumi da fatan ƙari, alhali sashen kula da ma'aikata sun san tun farko ba inda ƙarin zai shiga. Wannan zalunci ne, ko da ba da gangan aka yi ba.

Ɗan'uwa, ka je ka tambayi adadin nan uku na matakinka, ka raba albashinka da tsakiyar. Mai 600,000 zai samu 1.2, wanda a irin wannan tsari shi ne ƙurewa. Sannan ka tambayi yaushe aka ɗaga matakan gaba ɗaya, domin idan farashin kaya na hawa kuma iyakar ba ta motsa ba, albashinka raguwa yake yi kowace shekara ko da adadin bai canja ba. Idan kuma aikin da kake yi yanzu ya zarce abin da aka rubuta a takardar bayanin aikinka, kamar an ɗora maka kula da wasu ma'aikata ko riƙe kasafin kuɗi, ka rubuta su ɗaya bayan ɗaya ka nemi a sake auna kujerar. Shugabanka ba shi da ikon biyanka sama da iyaka, amma yana da ikon sa hannu a kan wannan buƙatar ya tura ta gaba.