Ku cire tambayoyin nan daga labarin Kusugu

Rubutun nan na rijiyar Kusugu da ake ta turawa tun jiya, ba ɗan Daura ne ya zauna ya rubuta shi ba, aikin na'ura ne. Ba zan kama sunan shafin ba, kun san shi. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ganin dattawa masu ilimi suna rubuta "Masha Allah" a ƙasansa.

Ku koma ku duba yadda ya buɗe. "Ka taɓa tambayar kanka wane sirri ne ke ƙasan Kusugu?" Sai aka bar fili, aka sa layi ɗaya tilo: "Amsar za ta girgiza ka." Aka sake barin fili. "Shin wane ne wannan baƙo da ya zo da dare?" Sai kuma: "Daga nan komai ya sauya." Mutum ya yi ta jan allo da yatsa, ya kusa rabin rubutun, ba a ambaci Bayajidda ba.

Ga abin da layukan nan suke ta kewayewa. Bisa labarin da muka gada, maciji mai suna Sarki ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa a Kusugu sai ranar Juma'a. Bayajidda ya sauka da dare a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa ta ce babu, ya karɓi guga ya tafi rijiyar ya sare kan macijin. Daga baya ya auri sarauniya Daurama. Jimla uku ke nan, kuma wanda bai taɓa jin labarin ba ya tashi da sunaye da dalili da abin da ya faru. Tambayoyin can ba su ƙara masa ko ƙwayar zarra ba.

Tun da ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022 wannan salo ya cika mana waya. Manhajojin nan sun koyi rubutu ne daga tarin abin da ke intanet, kuma cikinsa akwai rubutun 'yan talla mai yawa, wanda aikinsa ya riƙe idonka kada ka wuce. Shi ya sa ko tarihin Daura ka ce ta rubuta, ko hasumiyar Gobarau, ko farashin taki, da kaya ɗaya za ta fito: tambayar da ba a jiran amsarta, da layi guda a tsaye shi kaɗai yana ɗaga murya.

Gane su ba wuya. In ka ga tambaya kuma jimlar da ke binta ita ce amsar, goge tambayar ka sake karantawa, za ka tarar ba abin da ya ragu. Layi tilo kuwa, ɗauke shi ka kai shi wani rubutu dabam. "Daga nan komai ya sauya" zai zauna daram a labarin aure, zai zauna a sharhin ƙwallo. Duk layin da zai shiga ko'ina, ba na Kusugu ba ne, a cire shi. Wanda yake ɗauke da suna ko shekara ko wani abu da ya faru, a mayar da shi cikin sakin layin da ya fito.

Wani ya ce mini ai malamai ma suna tambaya a wa'azi. Malam yana kallon fuskokin jama'a, ya yi tambaya ya dakata, a amsa masa daga sahu. Kai ba kowa a gabanka sai allo. Wani kuma ya ce gajeren layi ya fi daɗin karatu a waya. To ka gajarta sakin layinka, jimla biyu ko uku da suke faɗin wani abu, ba wanda ya hana. Abin da nake ƙi shi ne layin da ba komai a cikinsa.

Wallahi ba ƙyashin kowa nake yi ba. Ƙannena masu shafuka, ina son ku rubuta tarihin garinmu, kuma ina son a yarda da ku. Amma mai karatu da ya gane hannun na'ura a layin farko ya daina yarda da sauran, har da gaskiyar da ke ciki. Ka yi amfani da manhaja in kana so, sai dai kafin ka wallafa ka bi duk alamar tambaya ɗaya bayan ɗaya ka ga wacce ta cancanci zama.

Sannan hoton da suka maƙala, wata rijiya ce a dokar daji mai rumfar katako. Kusugu tana tsakiyar gari, a cikin gini, har yau ana jan ruwa baƙi su sha. Don Allah mazauna Daura, wanda hanya ta bi da shi wajen ya ɗauko mana hoton gaskiya ya sa a nan.