Yawan danni ba shi ne yawan masu saye ba

"Tallanmu na taki ya samu danni da yawa, ashe manoman Gumel na so?"

Hasashen yana da hujja, domin a ka'ida mai sha'awa ne yake danna talla, sai dai a tallan hoto na intanet akwai manhajojin bogi da ke dannawa don masu shafukan da tallan ke fitowa a kai su ci kuɗin kowane danni. Buɗe rahoton Placements a Google Ads ka ga inda tallan ya fito. Idan manhajar wasan yara ɗaya ta kawo yawancin dannin, da tsakar dare, kuma kusan kowa ya fice daga shafinka cikin daƙiƙa ɗaya, ba manoma ba ne, ka cire ta daga wuraren da tallanka ke fitowa. Ficewar gaggawa kaɗai ba shaida ba ce, domin raunin sabis a ƙauye ma yana jawo ta.