Tsakanin «kin yi ƙiba» da «wannan riga ta yi kyau»: yabon abokin aiki a Kano da Manchester

Shekara ta biyu ke nan da fara aikina a wani ofishi a Manchester lokacin da wata abokiyar aikina Baturiya ta dawo daga hutun wata guda, na tarbe ta da fara'a, na ce mata hutu ya karɓe ta, har ta yi ƙiba. A ofishin da na baro a Kano wannan magana ce ta alheri, domin idan aka ce wa mutum ya yi ƙiba ko ya murmure, ana nufin hankalinsa a kwance yake kuma yana cikin wadata. Ita kuwa sai fuskarta ta sauya, ta yi wani ɗan murmushin yaƙe, ta juya ga kwamfutarta, kuma ta yi kusan mako guda ba ta zauna kusa da ni a ɗakin shan shayi ba. Daga baya na samu labarin cewa jinya ta je, kuma maganin da take sha ne ya ƙara mata nauyi, abin da ita kanta yake damunta matuƙa.

Na ba ta haƙuri a taƙaice: na ce maganar da na yi game da jikinta ba hurumina ba ce, kuma ba zan sake ba. Ban tsaya ina yi mata bayanin al'adarmu ba, domin da na yi haka, da na ɗora mata nauyin lallashina, alhali ita aka ɓata wa rai. Tun daga ranar na tsayar da ra'ayi guda, wanda nake ganin ya dace da Kano kamar yadda ya dace da Manchester: a wurin aiki, abin da mutum ya zaɓa da hannunsa ake yabawa, a bar masa jikinsa.

Dalili shi ne, riga ko hula ko takalmi zaɓi ne, kuma wanda ya yaba su ya yaba basirar mai su ne. Idan na ce wa abokin aikina launin kwat ɗinsa ya yi kyau, zai iya gode mini, ya gaya mini shagon da ya saya, a wuce wurin. Amma ƙiba da rama da hasken fata da diri, duk abubuwa ne da ba a san abin da ke bayansu ba: wadda ta rame mai yiwuwa rashi aka yi mata, wadda ta yi ƙiba mai yiwuwa juna biyu ne da ita wanda ba ta shirya sanarwa ba. Bayan haka, yabon jiki yana sanar da mace cewa ana ƙare mata kallo a wurin da ta zo neman abincinta, kuma ba ta da hanyar kauce wa mai kallon, tunda gobe ma a teburi ɗaya za su zauna. Ko a tufafin ma akwai iyaka. «Wannan riga ta yi kyau» magana ce a kan riga, amma «wannan riga ta fito miki da jiki» ta riga ta tsallaka.

Da na zauna na yi tunani, sai na ga Bahaushe ya daɗe da sanin wannan hanya. Idan mutum ya shigo ranar Juma'a da sabuwar shadda da hula zanna bukar, mukan yaba ɗinkin, mu tambayi wane tela ne, mu ce masha Allah don kore kambun baka, sannan mu rufe da «Allah ya sa a kashe lafiya». Wannan addu'a tana rufe zancen, ba ta barin wanda aka yaba da bashin mayar da martani face ya ce amin. Shi ne abin da na fi kewa a nan, kuma da shi nake auna yabona ko da Turanci nake magana: jimla ɗaya, a gaban jama'a, da muryar da zan yi wa namiji irin wannan magana, sannan a koma kan aiki.

Inda nake ganin mun gaza a gida shi ne yadda muke ɗaukar shiru a matsayin yarda. Yarinyar da aka tarbiyyantar da kunya da kara, idan shugabanta, wanda ya yi sa'ar mahaifinta, ya ce mata kullum ƙara kyau take yi, sunkuyar da kai za ta yi ta ce ta gode, ranka ya daɗe, ko da kuwa zuciyarta tana tafasa. Shi kuma sai ya ce ai wasa ne, kamar ita taubashiyarsa ce, alhali shi ne mai sa hannu a takardar ƙarin girmanta. Wasan taubasai yana tafiya ne domin kowa yana da damar ramawa, wadda kuwa albashinta yake hannunka ba ta da wannan dama. Saboda haka nake ganin shugaba, mace ko namiji, ya fi kowa buƙatar kame baki, ya yabi rahoton da aka rubuta da kyau, ya bar zancen kwalliya ga tsararraki.

A Birtaniya doka ta shigo cikin wannan batu. Sashe na 26 na Dokar Daidaito ta 2010 ya ɗauki halin da mutum bai so ba, wanda ya shafi jinsinsa ko launinsa ko addininsa ko shekarunsa, a matsayin cin zarafi idan ya zubar masa da mutunci ko ya sa wurin aiki ya zame masa wurin wulakanci, ko da mai yin bai yi nufin haka ba. Kotu takan duba yadda wanda aka yi wa ya ji, da yanayin da abin ya faru, da kuma ko hankali zai ɗauki cewa maganar za ta iya yin wannan tasiri, don haka ba kowace kalma ce take zama ƙara ba. Tun daga 26 ga Oktoban 2024 kuma an wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su ɗauki matakan da suka dace don hana cin zarafi mai nasaba da sha'awa kafin ya faru. Ban yarda da 'yan'uwanmu da suke cewa wannan ya kashe zumunci a ofisoshin Turawa ba, domin kullum ina jin ana yaba gyale da tabarau da sabon aski, kuma ban ga wanda ya ɓata rai ba. Abin da nake ganin ya ragu shi ne kyakkyawar niyya ta zama kariya ga kowane furuci.

Mu ma mukan ɗanɗani abin daga ɗaya ɓangaren. Wata 'yar'uwa daga Zariya da take aikin jinya a nan ta gaya mini cewa abokiyar aikinta ta yaba kitsonta a ɗakin sauya kaya, ta ji daɗi, amma da matar ta kai hannu za ta taɓa, sai daɗin ya gushe. Wani kuma ya ce mata da za ta cire mayafinta da ta fi haka kyau, yana ganin yabo ya yi, alhali ya raina abin da ta zaɓa ne saboda addininta.

Alamomin cewa an yi kuskure ba su da wuyar ganewa ga mai lura. Godiya takan zo a gajarce ba tare da haɗa ido ba, a yi saurin sauya zance, ko a gyara mayafi, ko a daina sanya tufar da aka yaba. Yawan maimaitawa ma kansa matsala ne, domin yabon da ya yi daɗi sau ɗaya yakan zama sa ido idan ya koma na kowace safiya, musamman idan mutum ɗaya ake ware wa shi, ko ana tura shi ta waya bayan an tashi aiki. Wanda ya ga irin waɗannan alamu kada ya bi mutum da tambayar ko ya ji haushi, ya dai daina. Abokiyar aikin nan tawa, bayan kamar wata uku, ta shigo da wani jan gyale, na ce mata launinsa ya yi kyau, ta ce ƙanwarta ce ta saƙa mata, muka buɗe fayil ɗin da za mu duba.