Yadda na roƙi a ɗage mini intabiyu, na ɗage ta zuwa tsakiyar huɗuba

Ranar Talata da hantsi saƙon ya shigo wayata. Wata ƙungiya ce mai babban ofishi a Nairobi, da na nemi aikin jami'in tattara bayanai a reshenta na Kano, take gayyata ta intabiyu ta Zoom. Layin da ya fi muhimmanci ya ce ranar Juma'a, "1:30 PM EAT". Idona ya tsaya a kan ɗaya da rabi, ya tsallake haruffa ukun ƙarshe. Gaskiya ma na gan su, sai dai na fassara su da Turancin firamare, na ce a raina waɗannan mutanen kirki ne, suna nufin lokacin cin abincin ranarsu ne za su ba ni.

To, ɗaya da rabi na ranar Juma'a a unguwarmu liman yana kan mumbari. Nan take na danna Reply na fara rubutu.

Wasiƙar farko, Allah ya rufa asiri. Na gaishe su, na tambayi aiki, na tambayi iyali, na yi godiya layi huɗu kamar an riga an ba ni aikin. Daga nan na shiga bayanin matsayin sallar Juma'a, da nisan masallaci daga gidanmu, da cunkoson 'yan adaidaita sahu bayan an sallame. Sai a layi na goma sha ɗaya na ce ina roƙon a mayar da intabiyun ƙarfe uku da rabi. Ban ce uku da rabi na wace ƙasa ba. Ban ma ce na amsa gayyatar ba, na ɗauka yawan godiyar ya wadatar. Na tura, na miƙe ƙafa ina jin kaina.

Kafin la'asar amsa ta dawo, layi biyu: babu damuwa, an mayar da ita "3:30 PM EAT". Na ɗauki waya na nufi gidan Yaya, wadda ta yi shekaru a sashen ɗaukar ma'aikata, don ta ga ƙaninta ya iya mu'amala da manya.

Ta karanta, ta cire tabarau, ta dube ni. "Auta, mene ne EAT?"

Na ce mata cin abinci.

Sai da ta yi dariya har ta dafe kujera sannan ta yi mini bayani. EAT agogon Gabashin Afirka ne, wanda Kenya da Tanzaniya da Uganda suke bi. Namu na Najeriya da Nijar shi ne WAT. Suna gabanmu da awa biyu cif, rani da damina, domin daga mu har su ba mai sauya agogo a tsakiyar shekara irin na Turai. Ke nan ɗaya da rabinsu sha ɗaya da rabi ne na safe a Kano. Lokacin da suka fara ba ni bai taɓa Juma'a ko da gefe ba, zan gama in yi wanka in sa turare in samu sahun gaba. Uku da rabin da na roƙa da bakina, suka ɗauke shi a agogonsu, shi ne ɗaya da rabi na Kano. Wato na rubuta layi goma sha ɗaya domin in ciro intabiyun daga inda take zaune lafiya, in dasa ta a tsakiyar huɗuba.

Na ce to ko in buɗe sabon saƙo in ba su haƙuri daga tushe. Ta ce kul. Amsa tana tafiya ne a cikin zaren da aka fara, ba a taɓa kanun saƙon, domin mai tsara intabiyu tana iya riƙe da mutum ashirin a mako guda, kuma da kanun take gane wane ne wane. Sabon saƙo mai kanu "Barka da yamma" sai ya nutse. Ta kuma nuna mini sunaye biyu da ban lura da su ba a layin Cc, layin waɗanda aka tura wa kwafin saƙon: su ne za su yi mini tambayoyin, kuma jadawalinsu ne ake motsawa, don haka Reply all, mai tura amsa ga kowa da ke cikin saƙon, ya dace a nan. Ni Reply kawai na danna, abin da ya zame mini rufin asiri, tunda mutum ɗaya ce ta karanta darasina na fiƙihu.

Sai ta zaunar da ni muka rubuta ta biyu, ita tana faɗa ina bugawa. Jimlar farko godiya ce da amsa gayyata a wuri guda, da sunan aikin a ciki, domin wanda ya karanta layi ɗaya ya rufe ya san cewa ina so. Jimla ta biyu dalili, gajere: na yi kuskuren lissafin bambancin agogo, lokacin da na nema ya faɗa kan sallar Juma'a a nan. Na so in ƙara cewa kuskure halin ɗan Adam ne, ta buge mini hannu. A ganinta dalili jimla ɗaya yake buƙata, idan ya kai uku ya fara kama da ƙarya.

Inda ta fi daɗewa shi ne zaɓin lokuta. Ta ce kada in rubuta "duk lokacin da ya yi muku", domin wannan mayar musu da aikin ne, sai an yi ta kai da komo. Kada kuma in ba da lokaci ɗaya tak kamar ni ne mai ɗaukar aikin. Biyu ko uku, kusa da ranar asali, cikin lokacin aikinsu. Ƙarfe huɗu na yamma a Kano shida ne a Nairobi, sun tashi. Kowane zaɓi da rana, da kwanan wata, da agogon ƙasashen biyu. Watan kuma a rubuta shi da haruffa, saboda 12/5 wani zai karanta 12 ga Mayu, wani 5 ga Disamba. Ga abin da muka sa:

```
Friday 9 May, 11:30 AM WAT (1:30 PM EAT)
Monday 12 May, 9:00 AM WAT (11:00 AM EAT)
Tuesday 13 May, 10:00 AM WAT (12:00 noon EAT)
```

Na farkon, ai kun gane shi, lokacinsu ne na asali. Na ce Yaya wannan abin kunya ne. Ta ce kunyar tun Talata da hantsi na sha ta, yanzu saura in biya kuɗinta. Muka rufe da haƙuri sau ɗaya, da cikakken sunana da lambar waya. Duka bai kai layi goma ba.

Kafin in tura ta karɓi wayar ta duba sunan da ke fita a saman saƙonnina. Tun ina aji biyu a jami'a na sa masa laƙabin da abokai suke kirana da shi, ban sake waiwayarsa ba. Da wannan laƙabin na nemi aikin, da shi aka gayyace ni. Muka gyara. Ta kuma sa na buɗe Gmail a kwamfutarta, a Settings, na mayar da Undo Send, wato damar janye saƙo bayan an danna tura, daga daƙiƙa 5 zuwa 30, iyakar abin da yake bayarwa. Ta ce ga mai hali irin nawa talatin ɗin ma ba ta isa ba, amma babu yadda za a yi.

Washegari da safe suka amsa cewa lokacin farko yana nan, ba a ba kowa ba. Suka ce in duba gayyatar kalanda da suka haɗo tun saƙon farko in danna Yes. Na buɗe Google Calendar, wanda da kansa yake juya kowane lokaci zuwa agogon wayar mai shi. A can ƙarƙashin Juma'a, tsohuwar gayyatar tana nan ba wanda ya taɓa ta, an rubuta 11:30 ɓaro-ɓaro. Tun ranar Talata take zaune tana jira in leƙo.