A Wane Hannu Ake Riƙe Sanda?

"Gwiwar dama ce ke min ciwo, ba a hannun dama zan riƙe sandar ba?"

Mutane da yawa a Gombe haka suka ɗauka, kuma tunanin bai yi nisa da hankali ba: inda ciwo yake, nan ake kai tallafi. Amma a hannun hagu ya kamata ka riƙe ta, wato ɓangaren ƙafa mai lafiya.

Lura da tafiyarka: ƙafar dama da hannun hagu tare suke zuwa gaba. Saboda haka idan ka jefa ƙafa mai ciwo, sandar ta sauka ƙasa lokaci guda da ita, su raba nauyin, sannan mai lafiya ta biyo. In ka riƙe ta a dama, jikinka zai riƙa karkata kan gwiwar da kake son hutarwa, daga baya ƙugu da kafaɗa su fara ciwo.

Tsawonta ma sai an duba. Tsaya da takalminka, ka saki hannu: mariƙin ya zo daidai wuyan hannunka. Wajen hawa matakalar masallaci, mai lafiya ce gaba. Wajen sauka kuwa, sanda da ƙafa mai ciwo.