Biyan Kuɗin Aiki Ba Ya Sayen Haƙƙin Mallaka

'Yan uwa masu ɗaukar hoto da mawaƙa, da ku masu ba su aiki, ku daina rabuwa a kan "mun fahimci juna". A dokokin ƙasashe da yawa, haƙƙin mallaka na wanda ya ƙirƙiri aikin ne tun daga lokacin da ya danna kyamara ko ya tsara waƙar, ba sai ya yi rajista ba. Wanda ya biya kuɗi ya samu kwafi da izinin amfani ne kawai.

A ce wata mai sayar da tufafi ta biya a ɗaukar mata hotuna goma don ta sa a shafinta, ba a rubuta komai ba. Tana da damar sa su a shafin, domin dalilin aikin ke nan, kuma kotu takan ɗauka cewa an ba ta wannan izini ko da ba a furta ba. Amma izinin bai wuce abin da aka yi ciniki a kansa ba. Ranar da ta miƙa hotunan ga kamfanin da ke saƙa yadin ya buga a allon talla, ta shiga gonar mai hoton, kuma yana iya neman a sauke su ko a biya shi. Rasit ɗin da ke hannunta shaidar biya ce, ba ta nuna an sallama mata haƙƙi. A Birtaniya, dokar 1988 ta ce sallama haƙƙi sai a rubuce da sa hannun mai shi, haka ma dokar Amurka ta 1976.

Kai ma mai hoto kada ka saki jiki. A Indiya, dokar 1957 ta ba wanda ya biya kuɗin ɗaukar hoton mallakarsa idan ba a yi wata yarjejeniya ba. A Birtaniya kuwa, hoton da aka sa ka ɗauka don amfanin iyali naka ne, amma ba za ka baje shi ga jama'a ba sai da yardar wanda ya sa ka ɗauka. Idan kuma ma'aikaci ne kai mai albashi, abin da ka yi a bakin aiki galibi na wanda ya ɗauke ka ne.

Waƙa ta fi rikici, domin haƙƙi biyu ne a cikinta: na baiti da kari, da na sautin da aka naɗa. A wasu ƙasashe na biyun yana hannun wanda ya shirya naɗin ya ɗauki nauyinsa, don haka wanda ya ba da aikin zai iya mallakar sautin alhali baitin na mawaƙi ne.

Kafin a fara aiki, ku rubuta inda za a yi amfani da shi, tsawon lokaci, ko mai aikin kaɗai ke da izini, da ko zai iya gyarawa ko ba wani. Ku sa hannu ku biyu. Idan aikin ya riga ya wuce, ku adana saƙonnin ciniki da fayilolin asali irin su RAW, domin da su ake gane abin da aka yarda a kai da wanda ya yi aikin.